Ashwaganda da Damuwa: Ƙarfin Hujja, Haɗarin Hanta da Tayirod, da Waɗanda Ya Kamata Su Kauce Mata

A shekarar 2022, wani kwamitin haɗin gwiwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya da takwararta ta ƙasar Kanada ya fitar da jagora kan magungunan itatuwa. A ciki ya ce ana iya gwada ashwaganda ga masu ciwon fargaba, miligiram 300 zuwa 600 a rana, amma ya kira shawarar ta wucin gadi, domin hujjar ba ta gama nuna ba. Shekara guda bayan haka, a watan Afrilu na 2023, ƙasar Denmak ta haramta sayar da ita a matsayin ƙarin abinci, bisa rahoton da Jami'ar Fasaha ta ƙasar ta rubuta tun 2020. Masu rahoton sun ce bayanan da ke hannu ba su isa a yanke adadin da za a ce ba ya cutarwa ba, kuma sun nuna damuwa kan tayirod, da sinadaran haihuwa, da juna biyu. Ma'aikatar Indiya mai kula da magungunan gargajiya ta yi fatali da rahoton, ta ce an gina shi kan hujjoji masu rauni.

Ɓangarorin nan duka masana ne, kuma kusan takardu ɗaya suka karanta. Abin da ya raba su shi ne tambayar da kowa ya sa a gaba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tambayi ko tana rage damuwa ga wanda aka zaɓa aka ba shi a ƙarƙashin kulawa. Hukumar abinci ta Denmak kuwa ta tambayi abin da zai faru idan kowa da kowa ya shiga kanti ya saya ba tare da an duba shi ba. Tunda yanzu kwalaben ashwaganda sun iso kemis-kemis da shagunan intanet na Najeriya, ana tallata su ga mai rashin barci da mai neman ƙarfin jiki, tambaya ta biyun ce ta fi shafar mai saye.

Me ke cikin kwalbar?

Ashwaganda ɗan ƙaramin tsiro ne ɗan gidan su tumatir da gauta da zaƙami, yana fitowa a Indiya da Gabas ta Tsakiya da wasu sassan Afirka. Mafi yawan wadda ke kasuwa a Indiya ake nomanta, musamman a jihohin Madiya Faradesh da Rajastan. Likitancin gargajiyar Indiya, wato Ayurbeda, ya daɗe yana amfani da garin saiwarta, sau da yawa a dama a madara.

Abin da ke cikin kafso na zamani ya bambanta da wancan garin. Kamfanoni suna tatso wasu sinadarai da ake kira witanolaid su tattara su, kowane kamfani da nasa salon. Samfurin da ake rubuta wa KSM-66 daga saiwa kaɗai ake yin sa, kuma witanolaid ɗinsa kusan kashi 5 cikin 100 ne. Sensoril da Shoden kuwa sun haɗa saiwa da ganye, kuma masu Shoden suna cewa nasu ya kai kashi 35 cikin 100.

Ƙaramin lissafi zai nuna girman bambancin. Wanda ya sha miligiram 600 na samfurin mai kashi 5 ya haɗiyi miligiram 30 na witanolaid. Wanda ya sha miligiram 240 kacal na mai kashi 35 ya haɗiyi miligiram 84, kusan ninki uku, alhali lambar da ke jikin kwalbarsa ta fi ƙanƙanta. Ƙasar Folan kuwa ta sa iyaka a miligiram 10 na witanolaid a rana ga ƙarin abinci. Hanyoyin da kamfanoni ke auna sinadarin ma ba iri ɗaya ba ne, don haka lissafin kusantarwa ne kawai. Sakamakon binciken da aka yi da samfuri ɗaya bai zama shaida ga kowace kwalba mai ɗauke da sunan ashwaganda ba. Batun ganye ma yana da nasa nauyin, domin wani sinadari mai kaifi da ake kira witaferin A ya fi yawa a ganyen, kuma a 2021 ita kanta ma'aikatar Indiya ta shawarci masu haɗa magani su tsaya kan saiwa.

Binciken da ya ɗaga sunanta

Duk mai tallar ashwaganda da ya ambaci kimiyya, mai yiwuwa binciken Haidarabad na 2012 yake nufi, ko ya sani ko bai sani ba. Chandrasekhar da abokan aikinsa sun tara manya 64 masu fama da damuwa mai daɗewa, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suna shan kafso mai miligiram 300 na KSM-66 sau biyu a rana, rabi kuma suna shan kafson bogi mai kama da shi, ba tare da majinyaci ko likita ya san wane ne wane ba. Haka aka yi har kwana 60.

An auna damuwar ne da takardar tambayoyi goma, inda mutum ke faɗin yadda ya ji a watan da ya wuce: sau nawa ya ji abubuwa sun fi ƙarfinsa, sau nawa ransa ya ɓaci kan abin da bai zata ba, da makamantansu. Makin yana tashi daga sifili zuwa 40. A ƙarshe makin masu shan ashwaganda ya sauka da kashi 44 cikin 100, na masu shan bogi kuwa da kashi 5.5 kawai. An kuma auna kotizol, sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa idan mutum yana cikin matsi. Ya ragu da kusan kashi 28 cikin 100 a rukunin farko, da kusan kashi 8 a na biyu.

Tsarin binciken mai kyau ne, kuma sakamakon ba na wasa ba ne. Wasu gwaje-gwaje sun biyo baya da labari mai kama da wannan, ciki har da ɗaya na 2019 da aka yi wa mutum 60 da miligiram 240 na Shoden, inda ma'aunin fargaba da kotizol na safe suka sauka fiye da na masu shan bogi. A 2022 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 12 masu mutum 1,002, suka haɗa lissafinsu, suka ga cewa lallai damuwa da fargaba sun ragu. Sai dai su da kansu suka rubuta cewa ƙarfin hujjar ƙasa yake. A harshen masu wannan fanni, ma'anar hakan ita ce sabon bincike mai inganci zai iya sauya girman amfanin da aka gani sosai.

Dalilin da ya sa hujjar ke da rauni

Na farko shi ne ƙanƙanta. Idan aka raba mutum 1,002 ga gwaje-gwaje 12, kowanne bai wuce mutum tamanin da 'yan kai ba, kuma kusan rabinsu bogi suka sha. A ƙaramin rukuni, mutum huɗu ko biyar da suka samu sauƙi saboda wani dalili na daban, kamar biyan bashi ko sulhu a gida, sun isa su karkatar da lissafi. An kuma daɗe da sanin cewa ƙananan gwaje-gwajen da suka yi nasara sun fi samun shiga mujallu, waɗanda ba su ga komai ba sukan kwana a durowa.

Na biyu, gajeren lokaci. Mafi yawansu mako shida zuwa takwas ne, kaɗan suka kai wata uku. Shi ya sa ofishin kula da ƙarin abinci na Cibiyoyin Lafiya na Amurka ya ce da alama jiki yana jure ta har kusan wata uku, ya tsaya a nan. Mai sayen kwalba kuwa ba ya tsayawa a wata uku idan ya ji daɗinta.

Na uku, wa ya biya kuɗin. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen kamfanonin da ke yin samfurin ne suka ɗauki nauyinsu ko suka ba da kafson. Hakan bai nuna an yi ƙarya ba, amma a duk faɗin binciken magunguna an lura cewa aikin da mai kaya ya biya ya fi yawan fitowa da sakamakon da zai yi wa mai kaya daɗi. Ga kuma cewa yawancinsu a Indiya aka yi su, a asibiti ɗaya ɗaya, cikin jama'ar da ta taso da yarda da wannan saiwa.

Abin da ya faru a Ostireliya ya cancanci a tsaya a kansa. A wani gwaji da aka buga a 2023, an ɗauki mutum 120 'yan shekara 40 zuwa 75 masu ɗan ƙiba da ke kukan damuwa da gajiya, aka ba rabinsu miligiram 200 na tataccen saiwa sau biyu a rana har mako 12. Makin damuwarsu ya sauka ƙwarai. Amma na masu shan bogi ma ya sauka, har bambancin ya kasa kai matsayin da za a ce maganin ne ya jawo shi. A gajiya ne kawai aka ga ashwaganda ta yi gaba. Wannan gwaji ya ninka na Haidarabad kusan sau biyu a yawan mutane, ya kuma fi shi tsawo, kuma ɗaya daga cikin masu shi, Adrian Lopresti, shi ne ya jagoranci na 2019 da ya ga amfani.

Saukar damuwa a rukunin bogi abu ne sananne. Mutum yakan nemi magani ne a lokacin da abin ya kai masa iya wuya, kuma daga can yawanci sauƙi ake yi ko an sha ko ba a sha ba. Ga sa rai, ga kulawar masu bincike da ke kiransa suna tambayar lafiyarsa. Don haka wanda ya ce ya sha ya ji sauƙi gaskiya yake faɗi, sai dai ba shi da hanyar sanin kason saiwar a cikin sauƙin. Kotizol ma ba alƙali ba ne: yana hawa da asuba ya sauka da dare, yana motsawa da barci da abinci, kuma saukarsa a takardar gwaji ba ta nufin rayuwar mutum ta gyaru.

A batun barci, tattara gwaje-gwaje biyar masu mutum 400 da aka yi a 2021 ya nuna ɗan amfani, wanda ya fi bayyana ga masu ciwon rashin barci da suka sha miligiram 600 ko fiye har mako takwas. Idan aka haɗa duka, abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne ashwaganda tana iya rage damuwa mai sauƙi zuwa matsakaiciya na ɗan lokaci, kuma ainihin amfanin mai yiwuwa bai kai na gwaje-gwajen farko ba.

Waɗanda ba a shigar da su gwaji ba

Akwai wani abu a cikin waɗannan gwaje-gwaje da masu talla ba sa ambata. Kafin a ɗauki mutum sai an tantance shi, kuma galibi ana sallamar mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon hanta ko na ƙoda, da mai matsalar sinadaran jiki, da mai shan wasu magunguna a kai a kai. Idan aka ce ba a ga illa mai tsanani ba, ana magana ne kan manya masu lafiya da aka sa wa ido na 'yan makonni. Illolin da aka gani a wurinsu ƙanana ne: ɓacin ciki, zawo, tashin zuciya, da gyangyaɗi.

Lissafi ma yana da abin cewa. A ƙaddara, don misali kawai, wata illa tana samun mutum ɗaya cikin dubu goma. Gwaje-gwajen da jimillar masu shan maganin a cikinsu ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba kusan tabbas ba za su ci karo da ita ba. Sai miliyoyi sun fara saye sannan irin waɗannan mutane za su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya a asibitoci. Haka kuwa aka yi.

Hanta

A 2020 Helgi Björnsson da abokan aikinsa suka buga bayanin majinyata biyar, uku daga Aisland, biyu daga Amurka, maza uku mata biyu, 'yan shekara 21 zuwa 62. Dukansu sun fara shan ashwaganda, sai bayan mako biyu zuwa goma sha biyu ido ya yi rawaya, ga tashin zuciya, ga kasala, ga ciwon ciki, ga ƙaiƙayi. Likitocin sun bincika sauran dalilan ciwon hanta ba su samu ba. An kai ragowar kafson da aka samu ɗakin gwaji, aka tabbatar ashwaganda ce a ciki, ba a kuma ga wata guba ta daban ba. Wannan ya raunana hujjar masu cewa gurɓataccen kaya ne kawai ke jawo matsalar.

Irin raunin yana da siffarsa. Hanta tana yin ruwan matsarmama ta tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa hanji. A yawancin waɗannan majinyata, gudun ruwan ne ya tsaya, sai sinadarin bilirubin ya koma cikin jini. Daga nan farin ido ya rine, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya koɗe, fata ta kama ƙaiƙayin da babu ƙuraje a tare da shi, wanda yakan fi tsanani da dare a tafin hannu da tafin ƙafa. A takardar gwaji za a ga bilirubin ya hau, ALP ya hau, ALT ma ya ɗaga. Abin da ya fi ba majinyata tsoro shi ne rawayar kan ci gaba da ƙaruwa na wani lokaci bayan an daina shan maganin. A cikin biyar ɗin nan, shawara da ƙaiƙayi sun ɗauki mako biyar zuwa ashirin. Babu wanda hantarsa ta gaza, kuma huɗun da aka ci gaba da bibiya sun warke cikin wata ɗaya zuwa biyar.

Labarin da ya fito daga Indiya a 2023 ya fi muni. Cyriac Abby Philips, likitan hanta a jihar Kerala, tare da takwarorinsa na wasu asibitoci, sun duba majinyata 23 da hantarsu ta taɓu bayan shan ashwaganda tsakanin 2019 da 2022. Suka ware takwas da suka sha ta ita kaɗai ba haɗi. Biyar daga cikin takwas ɗin dama suna da tsohon ciwon hanta. Uku daga cikinsu hantar ta gaza gaba ɗaya, kuma dukan ukun sun rasu. A Amurka ma an ba da rahoton wata mata 'yar shekara 41 da sai da aka yi mata dashen hanta. Hukumar magunguna ta Ostireliya ta fitar da gargaɗi a Fabrairun 2024 bayan ta karɓi rahotanni 12 na matsalar hanta, tana mai cewa abin ba kasafai yake faruwa ba amma yana iya tsanani.

Rahoton majinyaci ɗaya ɗaya ba ya nuna yawan haɗarin, domin babu wanda ya ƙirga masu sha da ba abin da ya same su, kuma su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Abin da rahotannin suka nuna shi ne abu biyu. Mai lafiyayyar hanta ma yana iya kamuwa, amma yawanci yakan warke idan ya daina. Mai tsohon ciwon hanta kuwa ba shi da rarar ƙarfin da zai jure.

A nan ne batun ya taɓa Najeriya kai tsaye. Babban binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu, kuma akasarinsu ba su sani ba, domin cutar takan yi shekaru ba ta nuna alama. Gargaɗin da ke cewa mai ciwon hanta kada ya sha ba zai yi aiki ga wanda bai san yana da shi ba. Ga kuma al'adar da aka saba: idan ido ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a nemo jiƙo da sassaƙe, ko a ɗora maganin maleriya da na taifot da farasitamol. Kowanne daga cikinsu ƙarin aiki ne ga hantar da ta riga ta jigata, kuma yana ɓatar da sawun ainihin abin da ya jawo ciwon.

Tayirod

Tayirod wata 'yar gaɓa ce a gaban maƙogwaro, ita ce idan ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Tana fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, masu saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci. Daga ƙasan ƙwaƙwalwa ake aiko mata umarni ta wani sinadari mai suna TSH. Idan T4 ya yi ƙasa, TSH ya hau yana zaburar da ita. Idan T4 ya yi yawa, TSH ya faɗi. Shi ya sa likita ke fara duba TSH, wanda a yawancin ɗakunan gwaji ake ɗaukar kusan 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai.

A 2018 aka buga wani gwaji daga birnin Baranasi na Indiya, na mutum 50 masu ɗan raunin tayirod da bai kai ga nuna alamu sosai ba, TSH ɗinsu tsakanin 4.5 da 10. Rabi sun sha miligiram 600 a rana har mako takwas. TSH ɗinsu ya sauka, T3 da T4 suka hau, fiye da na masu shan bogi. Masu talla sun ɗauki wannan a matsayin albishir. Likitan tayirod kuwa abin da zai gani shi ne saiwar tana iya tura gaɓar gaba, kuma turin da ya gyara mai rauni zai iya wuce gona da iri ga wanda tasa ke daidai, ko take da saurin aiki, ko yake shan lebotairoksin da aka auna masa daidai bukatarsa. Wani gwaji na masu lafiya 80 da aka yi na mako takwas bai ga sauyi a tayirod ko hanta ba, wanda ke nuna abin ba ya samun kowa.

Amma yana samun wasu. A 2005 likitoci a Holan suka ba da labarin wata mata mai lafiya 'yar shekara 32 da ta fara shan kafson ashwaganda saboda gajiya. Da ta ƙara adadin da take sha, sai alamun yawan sinadarin tayirod suka bayyana, gwajin jini ya tabbatar. Da ta daina, komai ya koma daidai. A 2022 kuma aka ruwaito wata 'yar shekara 73 a Amurka da ta yi shekara biyu tana jinyar raunin tayirod ɗinta da ashwaganda, aka kai ta asibiti zuciyarta tana gudu ba bisa ƙa'ida ba, TSH ɗinta ya faɗi. Ita ma ta daidaita bayan an tsayar da maganin.

Tarkon da ke nan shi ne alamun yawan tayirod sun yi kama da na damuwar da ta sa aka sayi kwalbar tun farko: faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa, rashin barci, saurin fushi, rama duk da ana cin abinci. Mutum zai ji haka a mako na biyar ko na shida, ya ce ai damuwar ce ta ƙaru, ya mayar da kafso ɗaya biyu. Hanyar ganewa ita ce lura da lokaci. Alamar da ta fara ko ta ƙaru bayan an fara shan maganin, musamman idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya mutum yana zaune, ko nauyi yana zubewa, ko zafi ya dame shi fiye da na kusa da shi, dalili ne na dainawa da zuwa gwajin TSH da T4. Ga tsofaffi da masu ciwon zuciya abin ya fi haɗari, domin yawan tayirod na iya rikita bugun zuciya.

Su wa ya kamata su kauce?

Mai ciki ce a sahun gaba. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya kan tsirran magani na 2009 ya hana ta ga mai juna biyu, saboda ruwayoyin cewa an yi amfani da ita wajen zubar da ciki. Masu kare saiwar suna jayayya da ingancin waɗannan ruwayoyi, amma babu gwajin da ya nuna ba ta cutar da ɗan tayi. Mai neman haihuwa ma ta shiga ciki, tunda ciki kan yi makonni kafin a gane shi. Haka mai shayarwa da yara. Hukumar tantance haɗura ta Jamus, a bayaninta na 2024, ta ambaci waɗannan rukunoni tare da masu ciwon hanta na yanzu ko na baya.

Sai mai kowace irin matsalar tayirod, ko yana shan lebotairoksin ko kabimazol. Sai masu cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kanta, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan maganin danne garkuwa, domin ana zaton saiwar tana zaburar da garkuwar, kuma an taɓa ruwaito wanda jikinsa ya ƙi ƙodar da aka dasa masa bayan ya sha ta. Mai sankarar mafitsara ta maza irin wadda sinadarin maza ke ciyarwa shi ma an ce ya guje ta, saboda wasu gwaje-gwaje sun nuna tana ɗan ɗaga wannan sinadari.

Rukuni na ƙarshe shi ne masu shan magani kullum. Ashwaganda tana iya ɗan sauke sukari da hawan jini, don haka idan ta haɗu da allurar insulin ko ƙwayoyin sukari ko na hawan jini, saukar na iya wuce yadda ake so, mutum ya ji jiri ko ya yanke jiki ya faɗi. Tana kuma sa barci, wanda ke ƙaruwa idan ta haɗu da diyazefam, ko maganin farfaɗiya, ko giya. Direba da mai aiki da inji su lura da wannan. Wanda za a yi wa tiyata ya faɗa wa likitan da zai sa shi barci, domin akan nemi a daina magungunan itatuwa kamar mako biyu kafin aiki. Wanda kuma damuwarsa ta kai ga kasa aiki, ko yanke ƙauna, ko tunanin kashe kansa, yana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, domin ba a gwada saiwar a kan irin wannan hali ba.

Ga babban mutum mai lafiya da ba ya cikin waɗannan rukunoni kuma ya yanke shawarar gwadawa, hanyar da ta fi kusa da abin da aka bincika a bayyane take. Ya fara yin gwajin ciwon hanta nau'in B da C, wanda ake yi da ɗigon jini a yawancin asibitoci. Ya zaɓi samfurin saiwa zalla wanda aka rubuta adadin witanolaid a jikinsa, ba haɗin ganyaye goma da ba a san wanne ke aiki ba. Ya tsaya tsakanin miligiram 300 da 600 a rana, ya rubuta ranar da ya fara, kuma kada ya wuce mako takwas zuwa goma sha biyu. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya, wadda kan ƙare da harafin L, tana nufin an yi masa rajistar wucin gadi bayan duba lafiyarsa, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta.

Idan ido ya sauya launi, ko fitsari ya yi duhu, ko ƙaiƙayi ya tashi babu ƙurji, ko zuciya ta fara gudu, a daina a ranar, a je asibiti da kwalbar a hannu, a nemi gwajin aikin hanta da na TSH. Mutane da yawa ba sa ambaton ƙarin abinci idan likita ya tambayi magungunan da suke sha, saboda ba su ɗauke shi magani ba, sai likitan ya yi ta neman dalili a wani wuri. Wanda aka tabbatar ashwaganda ce ta taɓa masa hanta kada ya sake shanta ko da daga wani kamfani ne, kuma likita ko mai kemis na iya aika rahoton abin da ya faru ga sashen NAFDAC mai bibiyar illolin magunguna, tare da sunan samfurin da lambar rukunin da ke jikin kwalbar.